Rabon Kwana a Ƙaramin Asibiti: Yadda Mutum Biyar Za Su Raba Dare Ba Tare da Cuta Ba

A kusan kowane ƙaramin asibiti na unguwa ko na ƙauye akwai wata takarda da ake mannawa a bango, kusa da teburin incaji. Marasa lafiya ba sa ko kallonta. Amma ran da aka manna sabuwa, za ka ga ma'aikata sun yi cirko-cirko a gabanta, kowa yana bin layin sunansa da yatsa. Wannan ita ce rosta, jadawalin da ke faɗin wa zai zo da safe, wa zai karɓa da yamma, wa zai kwana. Daga nan ake fara jin ƙunƙuni. Wata ta ce ita kullum Asabar a kanta take faɗawa, wani ya ce shi aka mayar mai gadi, wata kuma ta yi shiru, sai dai gobe a ji ta bugo waya cewa zazzaɓi ya kama ta.

Idan ka tambayi incaji, sau da yawa za ta rantse maka cewa ta yi adalci, kuma da gaskiyarta. Za ta ƙirga maka: kowa ya samu kwana ashirin da biyu a wata, ba wanda ya fi wani. Matsalar ita ce kwanakin ba ɗaya ba ne. Safiyar Alhamis daban, daren Asabar daban. Duk gidan da ake rabon girki an san wannan: ba a cewa an yi daidai don kawai an ƙirga ranaku, sai an duba wa ta samu wane dare, kuma a kan wa ranar Sallah ta faɗo. A asibiti ma abin da ake faɗa a kansa kenan, wato dare, ƙarshen mako, da ranakun biki. Su ne ɗacin aikin, kuma su ya kamata a fara rabawa.

Amma kafin a kai ga rabo akwai lissafin da ake yawan tsallakewa. Mako guda yana da awa 168. Idan asibiti yana karɓar haihuwa, dole ƙofarsa ta kasance a buɗe dare da rana, to ko mutum ɗaya tak ake so ya zauna a kowane lokaci, awa 168 ɗin nan sai an samu mai cike su. Ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako, in ka raba 168 da 40, za ka samu huɗu da ɗan ɗoriya. Ma'ana mutum huɗu ba su isa riƙe kujera ɗaya ba, ko da babu mai ciwo, babu mai tafiya hutu, babu wanda aka tura bita. Huɗu sau 40 awa 160 ne, saura takwas ba mai su. Saboda haka asibitin da ke da ma'aikata uku kuma aka ce ya buɗe awa ashirin da huɗu, kowannensu zai yi awa 56 a mako, kuma ba wata dabarar rubutu da za ta rage wannan. Incajin da ta san lissafin nan tana da abin nuna wa na sama da ita, maimakon ta zauna ma'aikata suna zarginta da laifin da ba nata ba.

Mu ɗauki asibiti mai ma'aikata biyar da za su iya riƙe duti su kaɗai, mu kuma bi tsarin da aka saba gani a asibitoci da yawa a Najeriya: aikin safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 8, na dare daga 8 zuwa 8 na safe. Safe da yamma awa shida-shida ne, dare kuwa awa goma sha biyu. Nan ma akwai abin lura, domin dare ɗaya daidai yake da duti biyu na rana. Wanda ya ƙirga duti kawai bai ƙirga awa ba, ya cuci mai kwana tun daga tushe. Sannan a ce ranakun Litinin, Talata da Laraba su ne na cunkoso, ranakun awo da rigakafi, don haka ana son mutum biyu da safe. Wannan ya ƙara awa 18, jimla ta zama 186. In aka raba wa biyar, kowa ya tashi da awa 37 da 'yan mintoci a mako.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce kada a fara da sunaye sam. A zana layi biyar, kowane layi mako guda, daga Litinin zuwa Lahadi, a cike su ba tare da tunanin wane ko wance ba. S na nufin safe, Y yamma, D dare, H hutu:

Layi na 1: D D D D H H H
Layi na 2: S S S H Y Y Y
Layi na 3: Y Y H S S H H
Layi na 4: S S S H D D D
Layi na 5: H H Y Y H S S

In ka karanta daga sama zuwa ƙasa, kowace rana tana da mai yamma ɗaya da mai dare ɗaya, safiya kuma mutum biyu a ranaku ukun farko, mutum ɗaya a sauran. Sai kowane ma'aikaci ya hau layi guda. Wanda ya yi layi na 1 a wannan makon, mako mai zuwa ya sauko na 2, haka har ya kai na 5 ya koma na 1. Bayan mako biyar kowa ya taka kowane layi. Kowa ya yi dare bakwai, yamma bakwai, safiya goma. Kowa ya samu Asabar da Lahadi a gida sau biyu, ya yi aiki a cikinsu sau uku. Ba wanda zai ce an zaɓe shi, tun da abin zagayawa yake kamar kwasar adashe. Iyakar abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne wa zai fara da wane layi, wannan kuwa a rubuta lambobi a 'yan takardu, a jefa a kwano, kowa ya ɗauka a gaban kowa.

Jeren haruffan nan ba haka kawai aka yi shi ba, kuma a nan ne gwanintar take. Duba, ba inda S ta biyo bayan Y a washegari. Wanda ya tashi ƙarfe 8 na dare, kafin ya miƙa aiki, ya samu abin hawa, ya isa gida, ya ci abinci, goma ta wuce. In aka ce ya dawo da safe, barcinsa gajere ne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa doka a kan hutun awa 11 a jere tsakanin aiki da aiki, kuma ko inda doka ba ta faɗi haka ba, ma'auni ne mai kyau a riƙe. Shi ya sa ake son juyin ya riƙa yin gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jikin ɗan Adam ya fi saurin sabawa da jinkirta barci fiye da gaggauta shi. Inda dole a koma baya, sai a sa H a tsakani, kamar yadda aka yi a layi na 3 da na 5.

Haka kuma an tsaga dare gida biyu, huɗu a layi na 1, uku a layi na 4. Akwai wuraren da har yanzu ake yin dare bakwai a jere sannan a ba mutum hutun mako guda, kuma ma'aikata da dama sun fi son haka, musamman masu iyali a wani gari. Na fahimci dalilinsu, amma ban goyi bayansa ba a wurin da mutum ɗaya ne kawai ke kwana. Barcin rana ba ya biyan na dare, balle a gidan da yara ke kai-kawo ga zafi ga rashin wuta. Gajiyar taruwa take yi dare bayan dare, kuma a dare na shida, wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da barci ya fi rinjayar mutum, ba wani na biyu da zai lura cewa an karanta ma'aunin allura ba daidai ba.

Wani abin da ake yawan cutar masu dare da shi shi ne ranar da suka sauka. Wanda ya yi daren Alhamis, sai ƙarfe 8 na safiyar Juma'a zai tashi. A takarda an rubuta masa H ranar Juma'a, amma a zahiri ya riga ya yi awa takwas a cikinta, sauran kuma barci ne. Ranar barci ce, ba ranar hutu ba. Shi ya sa bayan kowane jerin dare a wannan jadawali akwai aƙalla H biyu, domin ta biyun ce hutun gaske. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da haƙƙin hutun da bai gaza awa 24 a jere ba. Incajin da ta ba mutum H ɗaya bayan dare huɗu ta ce ya dawo washegari ƙarfe 8, ta cika adadin da ƙyar, amma mutumin bai ga iyalinsa da idon da ya washe ba.

Kada a ɗauka wannan jadawali ba shi da aibu. Layi na 4 nauyi gare shi, awa 54 a mako ɗaya. Abin da ya sa ake iya jure shi, makon da ke gabansa da wanda ke bayansa awa 24 ne kacal kowanne. Amma dole a gaya wa ma'aikata wannan tun farko, su san a kan mako biyar ake auna daidaito, ba a kan mako ɗaya ba. In ba haka ba, wanda ke kan layi na 4 zai dubi na layi na 3 ya ga kamar wasa yake yi.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa, wato rubuta rosta wata-wata, kowane wata a fara daga farko. Watanni ba su yi daidai da makonni ba. Wani watan Asabar huɗu ne, wani biyar. Incajin da ke ɗaukar sabuwar takarda ran 28 ga wata, ta fara da sunan da ke sama kamar kullum, za ta riƙa ɗora ragowar a kan mutum ɗaya ba tare da ta sani ba. Kowane wata in ka dube shi shi kaɗai ba laifi, amma in ka haɗa shida sai ka ga wata ta yi Asabar goma sha shida, wata goma. Jadawalin zagaye bai san ƙarshen wata ba. Inda ofishin ƙaramar hukuma ke buƙatar takardar wata, sai a kwafo kwanakin watan daga zagayen, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sai ranar Juma'a. Miƙa aiki ƙarfe 2 na rana ya faɗa daidai lokacin da ake sallah a masallatai da yawa. Idan mai safe namiji ne yana son ya tafi, mai yamma ma namiji ne bai dawo ba, asibiti ya zama ba kowa na kusan awa guda, kuma naƙuda ba ta jira a idar. Maganin mai sauƙi ne in an yi shi a rubuce: a mayar da miƙa aikin Juma'a ƙarfe 12 ko ƙarfe 3, gwargwadon wanda ke kan layi, a kuma rubuta awar da wani ya ƙara don a biya shi. Inda akwai Kirista a cikin ma'aikata, musanyar Juma'a da safiyar Lahadi tana yi wa kowa daɗi, amma a bar su su nema da kansu. Kada a mayar da shi doka, har ya zama ita Kiristar ba ta ƙara ganin Juma'a a gida ba.

Ranakun Sallah kuwa zagayen ba zai iya raba su daidai ba, domin sau biyu kawai suke zuwa a shekara, kuma suna matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Yana yiwuwa sa'a ta jefa mutum ɗaya a daren jajibere shekara biyu a jere. Saboda haka sai a buɗe musu shafi na daban a bayan littafi: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Kirsimeti, sabuwar shekara, da sunan wanda ya riƙe kowace duti a cikinsu. Wanda ya yi safiyar Ƙaramar Sallah ba zai yi ta Babba ba. Wanda ya yi bana, baɗi sai kowa ya zagayo. A azumi ma ɗacin yakan koma wani wuri, domin dutin yamma ce ke haɗiye buɗa-baki, mace mai girki kuma ta san abin da hakan ke nufi. Zagayen mako biyar ya ɗan fi watan azumi tsawo, don haka kusan kowa zai ɗanɗana, sai dai a duba kada a bar wata ta sayar da duk yammacinta ga ƙaramar ma'aikaciyar da ba ta iya cewa a'a.

Musanya ita ce ƙofar da son kai ke dawowa ta cikinta bayan an kore shi. Ba za a hana ta ba, tun da akwai biki, akwai rasuwa, akwai ciwon yaro. Amma a wurin aikinmu babba ba ya roƙo. In ta ce wa ƙaramar, "Ƙanwata, riƙe min daren gobe mana, zan rama miki," amsar da za ta ji ita ce "To, Anti," ko da ran yarinyar bai so ba. Ramuwar kuma sau da yawa ba ta zuwa, ko ta zo da safiyar Alhamis a madadin daren Asabar. Ƙa'ida uku sun isa su toshe wannan. A rubuta musanyar a littafi, duka biyun su sa hannu, tare da ranar da za a rama. A yi ta iri da iri, dare da dare, ko dare ɗaya da duti biyu na rana. Sannan incaji ta duba cewa wanda ya karɓa bai tashi daga dare ya zarce yamma ba. Littafin yana kare ƙarama, domin yanzu ba ita ce ta ƙi ba, tsari ne ya hana.

Akwai kuma wanda dole a ɗauke masa, kuma adalci bai hana ba. Mai tsohon ciki, mai shayarwa, mai ciwon da likita ya hana shi kwana. Abin da ke ɓata zukata shi ne a yi shi a ɓoye kuma ba iyaka. In za a cire wata daga dare, a faɗa a taro, a sa ranar da za a sake dubawa, a kuma faɗi abin da za ta ɗauka a madadi, misali ƙarin safiyar Asabar. Sauran huɗun su sani cewa dare 35 na zagayen yanzu a kansu yake, wato kusan tara-tara maimakon bakwai-bakwai. Mutane sukan ɗauki nauyi da daɗin rai in an ƙirga shi a gabansu. Ita kanta incajin ma haka. In aikin ofis da tarurruka sun hana ta yin dare, to ba ta cikin biyar ɗin, kuma lissafi ya koma na mutum huɗu. Gara a faɗi haka ƙarara da a riƙa sa sunanta a takarda alhali wasu ke cike mata.

Hutun shekara shi ne ke karya duk wani jadawali mai kyau. In kowa yana da kwana 30, kamar yadda ma'aikatan gwamnati da yawa suke da shi, mutum biyar sun tashi da kwana 150, wajen wata biyar a shekara da asibitin ke tafiya da mutum huɗu. Wannan ba gaggawa ba ce, abu ne da aka san zai zo, don haka a tanadi jadawali na biyu mai layi huɗu tun a watan Janairu. A cikinsa ana sauke mutum na biyu na safiya, kowa ya koma awa 42 a mako. Kada mutum biyu su tafi tare, kuma kada a ba kowa hutu a tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika benci da yara. Idan kuma ungozoma ɗaya ce tilo a cikin biyar ɗin, akwai wani nauyin da ba ya fitowa a takarda, domin ko tana H, ita za a buga wa waya ƙarfe biyun dare in haihuwa ta zo da gardama. A riƙa rubuta kowane kira da awoyin da ta yi, a biya ta da hutu.

Mai kanti ko kemis zai iya ɗaukar wannan hanya kusan yadda take. Shagon da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe ya rufe 10 na dare, kwana bakwai, awa 98 yake ci a mako. Yara biyu za su yi 49 kowanne, ba mai maye gurbin wani, uku kuwa za su samu sarari. Ɗacin shago ba kwana ba ne, rufewa ce, da ƙirga ciniki, da tafiya gida cikin duhu, da ranar kasuwa, da ranar sauke kaya. In kuma ana ba da kamasho a kan ciniki, sai abin ya juye, ranar kasuwa ta zama abin so, kuma ita ma sai an zagaya da ita.

Wanda yake son ya san ko rostar wurinsa tana cutar wani, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya ɗauko na wata uku da suka wuce, amma wanda aka yi aiki da shi, mai gyare-gyaren biro, ba mai tsabtar da aka fara mannawa ba. Ya ja layi huɗu a gaban kowane suna: awa nawa, dare nawa, Asabar da Lahadi nawa, sau nawa aka kira shi ranar hutunsa. Bambancin dare ɗaya ko biyu ba komai ba ne. In ya kai huɗu ko biyar, a duba sunan da ke ɗauke da nauyin. Yawanci za a tarar sabuwar zuwa ce, ko wadda ba ta da aure, ko wanda gidansa ke bayan asibiti, wanda ake cewa ai shi kusa yake.